Abin da na koya daga nuna gyaran waya tare da farashi da garanti

Shagona na gyaran waya yana Kano, kuma galibin kayan aikina a kasuwar Farm Centre nake sayo su. Da na fara sanya gajerun bidiyoyin aikina a Facebook da WhatsApp, na tsara cewa kowane ɗaya zai ɗauki matsala guda kawai, ya nuna yadda na gano ta, ya faɗi kuɗin aikin, sannan ya faɗi tsawon garantin da nake bayarwa.

Bidiyon da ya fi kawo mini jama'a shi ne na wayar da ta daina caji. Wani dattijo ne ya zo da Tecno, yana cewa an shaida masa sai an canza batir. Na ce, "Baba, bari mu auna tukuna." Na haɗa wayar da ƙaramar mita da ake sa wa tsakanin caja da waya, sai ta nuna wutar caja tana nan a kan bolt 5, amma wayar ba ta jan komai, alhali mai lafiya wadda batirinta ya yi ƙasa takan ja amfiya ɗaya zuwa biyu. Da na haska bakin cajin, sai ga ƙura da zaren aljihu sun dunƙule a ƙasan ramin, har kan cajar ba ya shiga ƙarshe. Na kashe wayar, na zaƙulo dattin da siririn tsinken roba, na goge da sipirit, na sake aunawa, nan take mitar ta tashi. Naira dubu ɗaya na karɓa, kuma na rubuta hakan a ƙarƙashin bidiyon.

Daga nan ne na fahimci cewa farashin da aka wallafa alkawari ne a idon mai kallo. Duk wanda wayarsa ta ƙi caji yakan zo da dubu ɗayarsa a hannu, alhali alamar guda ce amma cutar ba guda ba ce. Idan an share dattin kuma cajin yana kamawa ne kawai in an karkata igiyar, to bakin cajin ya ci, sai an canza shi ko an canza ƙaramin fanel ɗin da yake zaune a kai. Idan kuma an sa sabo amma mitar ba ta motsa ba, matsalar takan kasance a babban fanel, wanda aikinsa yake buƙatar dalma da injin hura zafi, kuɗinsa kuwa ya ninka na farko sau da yawa. Saboda haka yanzu a kowane bidiyo ina faɗin alamar da ke nuna cewa gyaran mai sauƙi zai wadatar, da wadda ke nuna ba zai wadatar ba. Ina kuma rubuta ranar da na sa farashin, domin tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuɗin kayan da ake shigowa da su bai zauna wuri ɗaya ba.

A batun sikirin ba na taɓa faɗin farashi guda. Wayoyi irin su Samsung A51 suna zuwa da sikirin nau'in AMOLED, kuma ta cikinsa ake karanta zanen yatsa. Akwai mai araha da ake kira Incell, wanda yake nuna hoto amma ya fi kauri, haskensa bai kai ba, kuma buɗe waya da yatsa yakan daina aiki. Nakan ajiye su biyun gefe da gefe a gaban kyamara, in faɗi kuɗin kowanne, mai waya ya zaɓa da saninsa.

Garanti shi ne inda rigima ta fi yawa a sana'armu, don haka nake fayyace shi da baki da kuma a rasit. Ina ba da wata ɗaya a kan bakin caji, wata uku a kan batir da sikirin mai kyau, mako biyu a kan mai araha. Ya shafi lalacewar kayan da na sa, kamar sikirin da ya fara taɓa kansa ko ya fito da layuka ba tare da tsagewa ba, amma bai shafi faɗuwa ko shigar ruwa ba. Kafin in rufe waya ina ɗaukar hoton 'yar farar takardar da ke cikin wayoyi da dama, wadda ke komawa ja idan ruwa ya taɓa ta, in manna sitikar shago a kan ƙusa guda, in rubuta lambar shaidar wayar, wato IMEI, a rasit, wadda ake gani idan an danna `*#06#`. Ba na kuma ɗaukar wayar kowa a bidiyo sai da izininsa, kuma ina tabbatar da cewa hotunansa da saƙonninsa ba su fito ba.