Minti 60, matani uku, tambaya 40: yadda nake raba lokacin takardar karatu ta IELTS

Ranar da na fara gwada takardar karatu ta IELTS, jarrabawar auna Turanci ga masu neman karatu ko aiki a waje, da agogo a gabana, a ɗakina da ke Samaru, na ci minti 27 a kan matani na farko. Na amsa tambayoyinsa 13, na ci 12. Da na iso matani na uku saura minti 11, tambayoyi takwas na ƙarshe kuwa canke na yi. Jimla na samu 25 cikin 40. Turancin bai gagare ni ba, domin washegari da na koma kan matani na ukun ba tare da agogo ba, na ci shida daga cikin takwas ɗin nan. Rabon lokaci ne ya kayar da ni, kuma abin da nake gani ke nan yana kayar da yawancin waɗanda muke bita tare, ma'aikatan jinya daga Shika da masu neman digiri na biyu a waje.

Ga yadda takardar take a nau'in Academic, wanda masu neman shiga jami'a ke rubutawa. Minti 60 ne, matani uku, tambaya 40, kowace tambaya maki ɗaya. Kalmomin matanin uku in an haɗa su suna tsakanin 2,150 da 2,750. Ba a rage maki don an yi kuskure. Mai neman matsayi na 7 a sakamakon jarrabawar yana bukatar kusan amsa 30 daidai, mai neman 6 kusan 23. Wanda yake rubutawa a takarda ba a ƙara masa lokacin kwashe amsoshi, saɓanin ɓangaren saurare inda ake ba da minti goma. Kuma ba a shiga da agogon hannu: ko dai agogon bango, ko wanda ke ƙirga saura a saman allon kwamfuta.

Lissafin da kowa ke fara yi shi ne a raba 60 da 40, a ce kowace tambaya tana da minti ɗaya da rabi. Wannan lissafi ya manta da karatun kansa. Ka ɗauki matani mai kalma 900, ka karanta shi yadda za ka iya faɗin abin da ya ƙunsa, ka duba agogo. Ni minti shida ya ɗauke ni a farko, wato kalma 150 a minti. Matani uku sun cinye minti 18 ke nan, saura 42 ga tambaya 40. Ashe minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu kowace tambaya take da shi. Wanda bai auna saurin karatunsa ba, duk tsarin da ya yi a kan hasashe ya gina shi.

Takardar tana ba da shawarar minti 20 ga kowane matani. Ban bi ta ba, saboda galibi matanin suna ƙara tsauri ne daga na farko zuwa na uku, kuma sau da yawa na ukun ne ke ɗauke da tambaya 14, sauran 13-13. Rabon da ya zauna mini shi ne 16 ga na farko, 19 ga na biyu, 22 ga na uku, sai uku na ajiya. Amma ba waɗannan lambobi nake riƙewa a kai ba, don a tsakiyar jarrabawa ba wanda ke da natsuwar yin ɗebewa. Abin da agogo zai nuna nake haddacewa. A kwamfuta: in saura 44, na bar na farko, in saura 25, na bar na biyu, in saura 3, na daina neman sabuwar amsa. In agogon bango ne kuma aka fara da ƙarfe 10:05, kafin in karanta kalma ɗaya sai in rubuta 10:21, 10:40, 11:02 a saman takardar tambayoyi. Daƙiƙa goma ke nan, kuma daga nan ba sauran lissafi.

Ana yawan tambaya ko a fara da matani mafi sauƙi. Na gwada leƙa ukun kafin in zaɓa, sai na ga minti biyu ke tafiya a banza, kuma take ba ya nuna wahala: matani a kan tarihin abinci yana iya fin na kimiyyar taurari murɗiya. Don haka a jere nake bin su. Inda zaɓin abin da za a fara da shi yake da amfani sosai shi ne cikin matani guda, tsakanin rukunonin tambayoyinsa.

Bari in bi matani na biyu na wani gwaji daki-daki. Magana ce a kan noman rani, sakin layi bakwai, daga A zuwa G. Tambaya ta 14 zuwa 18 na zaɓen taken da ya dace da sakin layi ne, ta 19 zuwa 22 na TRUE, FALSE ko NOT GIVEN, ta 23 zuwa 26 kuma na cike gurbi. Na shiga agogo na nuna saura 44.

Minti na farko a kan tambayoyin ya tafi, ba don in haddace su ba, sai don in san nau'insu, in ja layi ƙarƙashin abin da ido zai iya tsinta a matani ba tare da wahala ba: shekara, sunan wuri, sunan mutum, adadi. Na kuma duba umarnin cike gurbi, na ga an rubuta NO MORE THAN TWO WORDS. Kalma uku a nan faɗuwa ce ko da ma'anar ta yi daidai.

Daga 43 zuwa 39 na karanta matanin. Minti huɗu ba za su ishi mai karanta kalma 150 a minti ya bi kowane layi ba, kuma ba a bukatar hakan. Sakin layin farko nakan karanta shi duka, sauran kuwa jimlar farko da ta biyu da ta ƙarshe, tsakiyar in wuce da ido ina lura da inda aka ce “amma” ko “sai dai”, don a nan marubuci ke juya magana. A gefen kowane sakin layi nakan rubuta kalma biyu ko uku, da Hausa ma in ta fi zuwa da sauri: B “tsadar rijiya”, D “rikicin rabon ruwa”, F “gishiri a ƙasa”. Wannan ɗan rubutu shi ne zai hana ni sake karanta matanin daga sama duk lokacin da na zo sabuwar tambaya, wanda shi ne babban ɓarawon minti.

Tambayoyin take su ne a farkon shafi, amma na tsallake su na fara da cike gurbi. Dalili biyu ne. Amsarsu kalma ce da ke zaune a matani, kwafe ta kawai za a yi, kuma galibi a wuri ɗaya suke taruwa. Ta 23 ta ambaci gishiri, rubutun gefe ya kai ni F, na tarar da uku daga cikin huɗun a F da G. Saura 35 na gama.

Sai rukunin TRUE, FALSE, NOT GIVEN, wanda na ba minti biyar. Waɗannan suna bin jerin matani, wato amsar ta 20 tana bayan ta 19 kuma kafin ta 21. Wannan ƙa'ida ita ce ke ceton lokaci. Ta 20 tana cewa haƙa magudanar ruwa ya fi haƙa rijiya tsada. Na sami ta 19 a ƙarshen B, na tsallaka na sami ta 21 a farkon D. Ke nan amsar ta 20 ba za ta wuce wannan tsakanin ba. Na karanta wurin a tsanake sau ɗaya: an faɗi kuɗin rijiya, an ambaci magudana, amma ba a gwama kuɗinsu ba. NOT GIVEN ke nan. A da, irin wannan tambaya ce ke cinye mini minti huɗu, ina sintiri daga A zuwa G ina neman abin da ba a rubuta ba, zuciya na ce mini ai lallai yana wani wuri. Ta 22 kuwa na kasa yanke hukunci tsakanin FALSE da NOT GIVEN. Bayan kusan minti ɗaya da rabi na zaɓi FALSE, na sa mata alama, na wuce. Ba na barin gurbi fanko da niyyar zan dawo, domin sau da yawa dawowar ba ta samuwa.

Saura 30 na koma kan take. Yanzu na riga na ratsa B, C, D, F da G da idon neman amsa, na san abin da kowanne ke faɗa fiye da lokacin da na fara. Minti huɗu suka isa. Taken da aka bayar kullum sun fi sakin layin yawa, kuma tarkon da ake ɗanawa shi ne take mai ɗauke da kalmar da ta fito a sakin layin alhali misali ne kawai aka kawo da ita. Na fara da waɗanda ba ni da shakka a kansu, ina soke kowane take da na yi amfani da shi, har zaɓin ya ragu ga biyun da suka rage. Wanda ya fara da wannan rukuni yakan kashe minti bakwai ko takwas, kuma kuskure ɗaya a nan yakan jawo na biyu, tunda taken da ka ba C bisa kuskure na E ne.

Minti na ƙarshe, daga 26 zuwa 25, na kwashe amsoshi ne ga mai takarda. A ƙarshen kowane matani nake kwashewa, ba a ƙarshen jarrabawa ba. Na taɓa ganin abokin bita ya tara duka 40 sai saura minti biyu, hannu na rawa, ya tsallake layi ɗaya a ta 17, duk abin da ya biyo baya ya zame gida guda. A kwamfuta babu wannan aiki, sai mintin ya tafi wajen duba haruffa da jam'i, don kalmar da aka kwafa ba daidai ba ba ta da maki.

Abin da ya fi wuya shi ne tashi daga matani in lokacinsa ya cika alhali saura tambaya biyu. Rai ba ya so. Amma tambayoyin nan biyu su ne mafi tsauri a rukuninsu, shi ya sa suka rage, a gaba kuma akwai wasu masu sauƙi da ko kallonsu ba ka yi ba, kuma duka maki ɗai-ɗai ne. Iyakar rancen da nake yarda da shi minti ɗaya ne, daga ukun ajiya, ba daga rabon matani na gaba ba.

Wannan tsari yana da iyaka. Wanda saurinsa bai kai kalma 120 a minti ba, ko wanda a kowane layi yake cin karo da kalmar da bai sani ba, rabon minti ba zai rufe masa wannan giɓi ba. In matsayi na 6 yake nema, gara ya ba na farko da na biyu minti 21-21, ya ci abin da zai iya ci a nan, a na uku ya yi cike gurbi da tambayoyin da ke bin jeri, sauran ya canka. Yadda za ka gane inda matsalarka take kuwa, bayan kowane gwaji ka sake yin tambayoyin da ka faɗi ba tare da agogo ba, kafin ka duba amsoshin. In ka ci fiye da rabinsu, lokaci ne, sai ka gyara rabon. In ba ka ci ba, karatu ne da kalmomi.

Gwajin ma sai an yi shi yadda ranar za ta kasance. Takardar karatu tana zuwa ne bayan kusan rabin awa na saurare, ba hutu a tsakani, rubutu na awa ɗaya kuma yana jira a baya. Saboda haka ranar Asabar da safe nakan zauna in yi ukun a jere, waya a kashe, agogo a jingine a bango. A gwaji na farko da na yi haka, na lura minti 16 na matani na farko sun zama 18, saboda kai bai gama fita daga sauraren ba. Sai da na yi zama huɗu irin wannan kafin in riƙa barin na farko agogo na nuna saura 44.