Lambobi biyu da na musanya, da abin da suka koya mini game da tsarin magini

A wannan makon nake miƙa ragamar aikina ga wanda zai gaje ni, kuma da na zauna rubuta masa bayanin abubuwan da ya kamata ya sani, sai na ga mafi yawansu suna komawa ga layi guda da na rubuta a shekarata ta biyu a wurin. Waɗanda muka yi aiki tare sun san labarin, amma akasarinsu sun ji shi ne daga bakin shugaban sashenmu, shi ya sa nake son in faɗe shi yadda ya faru.

Muna da wani aji a Java da ke riƙe da saitin haɗuwa tsakanin manhajarmu da sabar da ke karɓar takardun lissafi. Gurabe bakwai gare shi. Biyu daga ciki dole ne a cike su, wato adireshin sabar da lambar ƙofarta, sauran biyar kuwa na zaɓi ne: iyakar lokacin jiran a ƙulla haɗi, iyakar lokacin jiran amsa, yawan sake gwadawa idan an gaza, ko a ɓoye saƙo, da ko a matse shi. Wanda ya fara rubuta ajin ya bi hanyar da kowa ke bi, ya yi kwanstirakta mai gurbi biyu, da bukata ta ƙaru aka ƙara mai huɗu, sannan mai biyar, har aka kai mai bakwai, kowanne yana kiran na gaba da shi yana cike masa gibi. Ga layin da na rubuta:

```java
new ClientConfig(host, 443, 30000, 2000, 3, true, false);
```

Nufina shi ne a jira amsa har daƙiƙa 30, a jira ƙulla haɗi daƙiƙa 2, domin ana ƙirga lokacin ne da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sai dai a jerin kwanstiraktan, lokacin ƙulla haɗi shi ne na farko, na amsa yana biye. Na juya su ke nan. Kwamfaila bai ce uffan ba, kuma ba shi da dalilin cewa komai, tunda dukansu `int` ne, shi kuwa nau'i yake dubawa, ba ya duba ma'ana. Gwaje-gwajenmu ma sun wuce lafiya lau, saboda sabar gwaji tana amsawa cikin ƙiftawar ido, ba ta taɓa kusantar daƙiƙa biyu ba.

Makonni uku aka yi ba a ji komai ba. Ranar ƙarshen wata, da aiki ya yi wa sabar gaskiya yawa, sai ta koma ɗaukar daƙiƙa biyar zuwa takwas kafin ta amsa. Manhajarmu takan aika takarda, ta jira daƙiƙa biyu, ta ɗauka an gaza, ta sake aikawa, har sau uku bayan na farko. Ita kuwa sabar ba ta gaza ba, jinkiri kawai ta yi, ta karɓi kowace aikawa ta adana, don haka aka wayi gari takarda ɗaya ta shiga har sau huɗu. Na kwana a gaban kwamfuta ina neman laifin a wajen sabar, domin can hankalina ya tafi. Abin da ya farkar da ni shi ne rajistar kurakurai: `SocketTimeoutException: Read timed out` yana ta maimaituwa, kuma tazarar da ke tsakanin aikawa da kuskure daƙiƙa biyu ce cif a kowane karo. Matsalar hanyar sadarwa ba ta zuwa da irin wannan daidaito. Idan lokaci ya riƙa fitowa cif haka, to wani ne ya rubuta shi da hannunsa, kuma a wannan karon ni ne.

Ban taɓa musun laifina ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shugaban sashenmu shi ya duba wannan layin ya amince da shi kafin a haɗe shi, kuma watanni biyu kafin nan wata abokiyar aikinmu ta kawo shawarar a gyara ajin, ya ce ɓata lokaci ne tunda abin yana aiki. A taron da aka yi bayan an share takardun da suka maimaitu, sai ya ce matsalar rashin natsuwa ce, ya ambaci sunana sau biyu, bai ambaci nasa duban ba ko sau ɗaya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, mutum uku ne suka karanta layin nan, babu wanda ya gani." Ya ce wannan ba hujja ba ce. Ni kuwa har yau ina ganin ita ce hujjar gaba ɗaya, domin layin da ƙwararru uku za su karanta su kasa gane kuskurensa, akwai aibi a siffarsa, ba a idon mai karatu kaɗai ba.

Aibin kuwa a fili yake. Java ba ta ba ka damar kiran gurbi da sunansa lokacin da kake ƙirƙirar abu, matsayi kawai take ganewa, saboda haka ma'anar `2000` tana wani fayil daban, mai karatu kuma sai ya riƙe jerin a kansa. Haka `true, false` da ke ƙarshe, babu wanda zai iya faɗa maka wanne ne ɓoyewa wanne ne matsewa sai ya je ya duba. Sannan ƙara kwanstirakta ba ya magance komai. A ce kana son wanda zai karɓi lokacin amsa kaɗai, da wani da zai karɓi yawan sake gwadawa kaɗai. Dukansu za su zama adireshi da lamba da lamba, harshen kuma ba ya yarda da kwanstirakta biyu masu jerin nau'i iri ɗaya. Dole mai kira ya ɗauki dogon, ya cike guraben da ba ruwansa da su, a nan ne kuma ake tuntuɓe.

Na nemi kwana biyu aka ba ni da ƙyar, na sake gina ajin bisa tsarin `Builder`, wato magini, a siffar da Joshua Bloch ya yaɗa a bugu na biyu na littafinsa Effective Java a 2008. Dabarar ba ta da wuya. Ana rufe kwanstiraktan ainihin ajin da `private`, a mayar da gurabensa duka `final` yadda ba za su canza ba bayan an ƙirƙira. Sai a yi ƙaramin aji a cikinsa, shi ne maginin, mai gurabe iri ɗaya, waɗanda na zaɓi suna ɗauke da ƙimar da aka amince da ita tun farko. Kowane gurbin zaɓi yana da aiki mai sunansa, wanda ke ajiye ƙimar ya dawo da maginin kansa ta hanyar `return this`, don a iya jera kira bayan kira. A ƙarshe `build()` ya miƙo abin da aka gina. Layin nan ya koma haka:

```java
ClientConfig c = new ClientConfig.Builder(host, 443)
    .connectTimeout(Duration.ofSeconds(2))
    .readTimeout(Duration.ofSeconds(30))
    .build();
```

Yanzu ko an juya layukan biyu babu abin da zai sauya, domin kowace lamba tana manne da sunanta. Guraben da ban ambata ba sun ɗauki ƙimarsu ta asali, ba sai na rubuta su ba. Na kuma maye gurbin `int` da `Duration`, saboda magini shi kaɗai ba zai hana wani ya rubuta 30 yana nufin daƙiƙa alhali ajin yana ƙirgawa da kashi ɗaya cikin dubu ba.

Akwai wanda ya tambaye ni me ya sa ban yi kwanstirakta marar gurbi ba, in bar mutane su cike da `setReadTimeout` da ire-irensa, tunda su ma suna da suna. Amsar ita ce, da wannan hanyar abu yana wanzuwa tun bai kammala ba. Tsakanin kira na farko da na ƙarshe, wani sashe na manhajar zai iya karɓar saitin da ba shi da adireshi, kuma ko bayan an gama, kowa na iya canza shi a bayan idonka. Da magini, abin da bai kammala ba yana hannun maginin, abin da ya fito daga `build()` kuwa cikakke ne kuma a kulle.

A cikin `build()` ɗin nan ne na sami abin da ya fi mini amfani, wanda ban yi tsammani ba. Shi ne wuri guda da duk ƙimomi ke haɗuwa kafin abu ya fito, don haka a nan ake iya duba dangantakarsu da juna. Na sa sharaɗin da ya dace da sabarmu:

```java
if (readTimeout.compareTo(connectTimeout) < 0)
    throw new IllegalStateException("readTimeout < connectTimeout");
```

Wannan ba doka ba ce ga kowace manhaja, tamu ce, domin a wurinmu amsa kullum ta fi ƙulla haɗi daɗewa. Amma da wannan layin yana nan tun farko, da manhajar ta ƙi tashi a gwajin farko, da kuskurena bai kai ƙarshen wata ba.

Na yi wani kuskuren a zubin farko na maginin, wanda abokiyar aikin nan ta kama. Na mayar da adireshi da lambar ƙofa su ma ayyuka masu suna, wato ana iya mantawa da su, kwamfaila ya yi shiru, sai manhaja ta tashi a gane. Tsohon kwanstiraktan, duk da aibinsa, ba ya barin ka tsallake abin da ya zama dole. Shi ya sa a misalin da ke sama suka koma cikin kwanstiraktan maginin kansa: na dole a bakin ƙofa, na zaɓi a biyo da su da suna.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Idan wani gurbi jeri ne, a kwafe shi a cikin `build()` da `List.copyOf`, in ba haka ba abubuwa biyu da magini ɗaya ya fitar za su riƙa tarayya a jeri guda. Masu amfani da `@Builder` na Lombok su tuna cewa ƙimar da aka rubuta a jikin gurbi ba ta shiga maginin sai an sa `@Builder.Default`. Aji mai gurbi biyu ko uku, duka na dole, bai cancanci magini ba, ninka rubutu ne kawai. A Kotlin da Python kuwa, inda ake kiran gurbi da suna kuma a ba shi ƙimar asali, harshen ya riga ya ɗauke mafi yawan wannan nauyi.

Wanda zai gaje ni zai tarar da azuzuwa huɗu da har yanzu suke da dogon kwanstirakta, na jera su a takardar miƙa aiki, na sa alama a kan biyun da ke da `boolean` uku a jere. Na nemi izinin gyara su sau biyu ba a ba ni ba. Ajin saitin haɗi kuwa, yau shekara uku ke nan ana kiransa daga wurare sama da ashirin, an ƙara masa gurabe biyu ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikin masu kiransa ba, kuma sharaɗin da ke cikin `build()` ya taɓa tare shugaban sashen da kansa a wani gwaji, ranar da ya juya lokutan biyu.