Abin da binciken kuɗin obataim ya koya mani

Ranar wata Litinin na shigo ofis na tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa, an yago ta daga littafin makaranta, babu suna babu sa hannu. Layi huɗu ne kacal. Wai sufabaizan sito yana rubuta wa yara obataim ɗin da ba su yi ba, in kuɗi ya shigo akawun ɗinsu su ciro su ba shi rabi, wanda duk ya ƙi a maida shi aikin dare. A ƙasa an rubuta "don Allah kar a ce ni na faɗa", alhali ban ma san ko wane ne ba.

Ni ce mai kula da harkar ma'aikata a wani kamfanin rarraba kaya a nan Katsina, ba zan faɗi sunan wurin ba. Sito ɗin yana da ma'aikata 14 ƙarƙashin mutumin nan, kuma kusan rabinsu shi ya kawo su aikin, wasu unguwarsu ɗaya, akwai wanda ma yake auren ƙanwar matarshi. Duk wanda ya san Katsina ya san abin da nake nufi, wanda ka ba da shaida a kanshi yau gobe za ku haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, mahaifinka zai gaisa da mahaifinshi a masallaci.

Kuskuren farko ni na yi shi, kuma har yau yana damuna. Saboda gaggawa sai na fara kiran yaran ɗaya bayan ɗaya zuwa ofis ɗina, da rana tsaka, ofis ɗin kuma ƙofarshi tana kallon sito. Mutum uku na kira. Duk ukun maganarsu ɗaya, "Hajiya wallahi ni ban san komai ba", amma na ukun ya ɗan daɗe, ya kai minti ashirin don na tsaya tambayarshi wasu abubuwa daban, sai ga shi satin da ya biyo sunanshi ya koma jerin masu aikin dare. Yaron bai faɗa mani komai ba fa, daɗewar da ya yi a ciki kawai ta ja mashi. Na sa an maido shi rana, amma sauran sun riga sun gani, bakin kowa ya rufe ruf.

Daga nan na gane cewa in mai shaida yana jin tsoro to bai kamata in ɗora nauyin binciken a wuyanshi ba. Abin da nake buƙata daga gare shi ya nuna mani inda zan duba, sauran aikin takardu su yi. Takarda ba ta da 'ya'yan da za ta ciyar, ba a maida ta aikin dare.

Kafin komai na je wajen manaja na ce Yallaɓai, abu biyu nake so a rubuce. Na ɗaya a karɓe tsara jadawalin aiki daga hannun sufabaizan har a gama bincike, a ba wani daga wani sashe. Na biyu a fitar da sanarwa cewa duk wani canjin aiki ko hutu ko ladabtarwa a sito sai ya bi ta ofis ɗina na wata uku. Ban nemi a dakatar da shi ba, don a lokacin abin da ke hannuna takardar da ba suna ce kawai, in ka dakatar da mutum a kan wannan ka riga ka yanke mashi hukunci a idon mutane, ko da daga baya ya fita fes ba zai wanku ba. Manaja ya so a kira 'yan sanda kawai a huta, na ce Yallaɓai mu kai masu me, layi huɗu?

Sai na koma kan takardu. Na ɗauko takardar obataim ta wata uku, wadda sufabaizan ke cikewa ya sa hannu, na ajiye ta gefe da rajistar masu gadi ta bakin get inda kowa ke rubuta lokacin shiga da fita, na kuma karɓo littafin mai kula da janareta wanda yake rubuta lokacin da ya kunna da lokacin da ya kashe saboda lissafin dizal. Amfanin haɗa ukun nan shi ne mutum uku daban ke rubuta su, kuma biyu daga ciki ba su da abin da za su samu in an yi ƙarya. Asabar 13 ne a cikin wata ukun. A Asabar 5 takardar obataim ta nuna mutum shida shida sun yi aiki har ƙarfe tara na dare, amma rajistar get ta nuna kowa ya fita kafin biyar na yamma. A uku daga cikin biyar ɗin ma janareta an kashe shi tun la'asar. Wannan na ƙarshen ban ba shi nauyi sosai ba don zai yiwu akwai wutar NEPA a daren, na rubuta hakan a rahoto, amma rajistar get ita kam ba ta da wata fassara.

Akwai Asabar biyu kuma da na zaci na kama shi, sunaye sun bambanta tsakanin takardun biyu, ashe musayar aiki yaran suka yi tsakaninsu ba su faɗa wa kowa ba. Da ban bi na tambaya ba da na ƙirga su cikin laifi. In mutum ya riga ya yarda a ranshi cewa wane ɓarawo ne, duk abin da ya gani sai ya zama hujja, shi ya sa na riƙa tambayar kaina, in mutumin nan mai gaskiya ne ta wace hanya wannan zai faru?

Zagaye na biyu na tambayoyi na canza salo gaba ɗaya. Na kira duka 14 ɗin, ba wanda na tsallake, kowa minti goma sha biyar daidai ko yana da magana ko ba shi da ita, a wani ɗaki can bayan ofishin akawu, da mutum ɗaya daga wani sashe yana rubutawa. Ta haka ba wanda zai ce wane ne ya daɗe ko wane aka zaɓa. Kuma na daina tambayar "shin yana karɓar kuɗi", na koma tambayar da mutum zai iya amsawa ba tare da ya ji ya ci amanar kowa ba, ranar Asabar kaza ƙarfe nawa ka tashi, wa ya rufe sito, da me ka koma gida.

Wani dattijo cikinsu, ya haife ni, da muka gama ya tsaya bai tashi ba. Ya ce "Hajiya, in na faɗa maki magana za ta tsaya nan?" Wallahi na so in ce eh, don na san abin da zai faɗa shi nake nema. Amma na ce Baba ba zan yi maka alƙawarin da ba zan iya cikawa ba, sunanka ba zai shiga takardar da za a ba shi ba, kuma ba wanda zai ga bayaninka sai ni da 'yan kwamiti, amma in maganar ta kai kotu za a iya neman takardunmu, kuma in abin da za ka faɗa kai kaɗai ka sani to ko ba suna zai gane ka. Ya yi shiru ya kai minti guda yana murza hularshi a gwiwa, sannan ya ce "to Allah ya ba mu alheri", ya tashi ya fita. Na rasa shaidar nan, kuma ban yi nadama ba, don da na yaudare shi ya yi magana, shi zai kwana da abin a unguwa, ni ina gidana.

Mutum biyu sun faɗa mani cewa ana ba sufabaizan kuɗi amma suka ƙi a rubuta, suka ƙi sa hannu. Kuɗin kuma hannu da hannu ne bayan sun ciro a shagon masu cirar kuɗi, ba tiransifa bare a ga alama, kuma ni ba ni da hurumin cewa ma'aikaci ya buɗe mani akawun ɗinshi ko wayarshi.

A nan ne muka sha gardama da manaja, shi yana ganin ai kowa ya san gaskiya a kore shi a kan cin hanci. Na ce binciken cikin gida ba kotun laifi ba ne, ba sai an kawar da duk wani kokwanto ba, ya isa a ce abin ya fi rinjaye ga ya faru, amma ko wannan ɗin sai da hujjar da za a iya ajiyewa gaban mutum ya kare kanshi. Ba za ka kori mutum a kan maganar da ba ka bari ya ji ba. Sauraron ɓangaren wanda ake zargi yana cikin sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma tun gyaran 2010 da ya ƙara wa kotun ma'aikata ta ƙasa ƙarfi, in kamfani ya faɗi dalilin kora to ana sa ran ya iya tabbatar da shi, kuma za a duba ko an ba mutum damar magana. Ko ba kotu ma, addininmu bai yarda a hukunta mutum da zato ba.

Takardar tuhumar da na rubuta wa sufabaizan, kweri kamar yadda muke cewa, a kan abu ɗaya ta tsaya, Asabar 5 da kwanan watansu, sunayen da ya rubuta, awannin da ya sa, da kwafin shafukan rajistar get a maƙale. Ba maganar rabin kuɗi a ciki ko kalma ɗaya. Na ba shi awa 48 ya amsa a rubuce kamar yadda littafin dokokin ma'aikatanmu ya tanada, da ya nemi ƙarin kwana ɗaya na ba shi. Kwamitin mutum uku ya zauna da shi, ni ban zauna cikin masu yanke hukunci ba tunda ni na yi binciken, na gabatar da abin da na samu na fita. Ya zo da abokin aiki ɗaya ya zauna kusa da shi. A kan Asabar ɗaya ya kawo takardar sauke kaya da ta nuna mota ta iso da dare an shigo da yara ta ƙofar baya, aka duba aka ga gaskiya ne aka cire ta. Sauran huɗun ya ce mantuwa ce.

Kwamiti ya same shi da laifin sa hannu a kan awannin ƙarya a Asabar 4, aka ba shi gargaɗin ƙarshe a rubuce, aka ɗauke shi daga sito zuwa sashen da ba kowa ƙarƙashinshi. Zargin karɓar kuɗi na rubuta "ba a tabbatar ba", ban rubuta "ƙarya ne" ba, don ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya turo takardar nan bai cancanci a kira shi maƙaryaci ba. Yaran da sunansu ya fito an cire kuɗin da aka biya su a hankali cikin wata huɗu, na yi ta roƙo kar a hukunta su fiye da haka tunda ba su ke cike takardar ba, aka yarda. Yanzu obataim ba ya wucewa sai akawu ya haɗa shi da rajistar get.

Har wata shida bayan nan duk ƙarshen wata ina duba jadawalin sito da takardun hutu, ina neman ko akwai wanda aka fara matsa wa a cikin 14 ɗin. Dattijon nan yana nan yana aikinshi, muna gaisawa kullum da safe, bai taɓa ɗago maganar ba ni ma ban taɓa ba.