Inda na kai a awon lamiri da aikatau: lokaci mai ci

'Yan'uwa ɗalibai, makon nan kan lokaci mai ci kaɗai na tsaya, wato su "yana", "take" da "ba sa". Jimlolin da nake gwaji da su daga bakin mutane nake tsinto su, galibi wajen masu fura da nono a nan cikin Katsina, in rubuta a littafi, da dare in zauna in feɗe su. Abin da ya fito mini fili shi ne, a wannan lokacin lamiri shi kaɗai ba ya yanke wa aikatau siga. Sai an duba abin da ya biyo bayan aikatau ɗin.

Ɗauki "dama". A shuɗaɗɗen lokaci ba ya motsi a rubuce: ta dama fura, ta dama ta, ta dama. Amma da "tana" ta shigo, sai lamari ya rabu biyu. In karɓau na biye, aikatau na nan yadda yake: tana dama fura, tana dama ta, tana dama masa. In babu komai a bayansa, dole a liƙa masa "-wa": tana damawa. Haka "kawo" yake: suna kawo nono, suna kawowa. Wurin da ya fi kama mutane shi ne inda aka ciro karɓau aka kai shi gaba. Fura tana cikin jimlar, ido na ganinta, amma tunda ba ta bayan aikatau, "-wa" ta dawo: fura take damawa. Lamirin ma ya sauya, "tana" ta koma "take". Haka kuma in tambaya ce: me take damawa?

"Saya" kuwa halinsa daban. Yana cikin aji na biyu a azuzuwa bakwai da F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa a 1960, kuma wannan ajin ba ruwansa da "-wa". A shuɗaɗɗen lokaci wasalinsa na ƙarshe ne ke juyawa: ya sayi gero, ya saye shi, ya saya. A lokaci mai ci sai ya koma sunan aiki, ya ɗauki "-n" irin ta mallaka: yana sayen gero, yana sayensa. "Ɗauka" kuma "-r" yake ɗauka, don sunan aikinsa tamata ne: yana ɗaukar ƙwarya, yana ɗaukarta. Ko a rubutu akwai alama. "Ya saye ta" a rabe ake rubuta shi, "yana sayenta" a haɗe.

Ga jimlar da wata 'yar'uwa a zamanmu na karatu, wadda Hausa ba harshen gidansu ba ce, ta kawo mini:

Furar da inna tana dama, baƙi sun saya ta.

Ta ce, "Yaya, na san akwai abin da bai zauna ba, amma na rasa ina ne." Daga ƙarshen jimlar muka faro, muna komawa baya. Bayan "saya" akwai wakilin suna "ta", lamirin kuma "sun" ne, shuɗaɗɗe, saboda haka "saye ta". Sai "dama": bayansa wayam, furar ta wuce gaba, ke nan "damawa". Daga nan muka kai ga "tana". Wannan "da" ɗin da ya biyo "furar" ba ya zama da "tana", sai "take". Jimlar ta tashi haka: furar da inna take damawa, baƙi sun saye ta. Na ce mata, "Ƙanwata, yanzu ƙara 'ne' bayan baƙi mu gani." Da kanta ta ji "sun" ba ta shiga, ta ce baƙi ne suka saye ta.

Wannan "suka" ɗin ta zame mini ma'auni. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "ya" guda a takarda tana iya zama abu uku. In na yi shakka sai in mai da ita jam'i. Ya tafi kasuwa: sun tafi. Shi ne ya tafi: su ne suka tafi. Ina so ya tafi: ina so su tafi. Nan take kowace ta bayyana.

Abu ɗaya da ba na sa wa jan biro shi ne "shina" da muke ji a bakin Katsinawa a madadin "yana". Karin harshe ne, kuma dokar tana nan daram a cikinsa: shina kawo nono, shina kawowa. A rubutun daidaitacciyar Hausa ne kawai nake mai da shi "yana".

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga korewa, in jera "bai saya ba" da "ba ya saye" in ga inda kowanne ke jan aikatau.