Dattijon Wurno da na bari ya wuce

Har yau in na tuna dattijon nan sai raina ya sosu. Injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana na kai kasuwar baje koli a nan Sakkwato. Don in ja jama'a, na yi hayar lasifika, na buga hulunan hana-sallah na kyauta. Jama'a kuwa sun zo, rumfa ta cika maƙil da yara da 'yan kallo, ni kuma ina ta murna.

Ran kwana na biyu da la'asar wani dattijo ya tsaya daga gefe, ya duƙa yana duba bakin tiyo. Ya ce, "Ɗana, wanga inji daga gaba nawa shika jawo ruwa?" Na ce, "Baba, ina zuwa," na koma rabon hula. Ko da na waiwayo ya tafi. Maƙwabcin rumfata ne ya gaya mini shugaban wata ƙungiyar manoman albasa ne daga Wurno, inji goma suke nema. Goma! Ko lambarsa ban karɓa ba. Wanda ya tambayi zurfi ai yana da rijiya, kuma ya riga ya yi niyya.

Washegari na sallami mai lasifika, na ɓoye huluna. Na cika durom da ruwa, na kafa farantin sola a rana, na bar inji yana zuba ruwa yana komawa cikin durom. Manomi kan ja birki da kansa, har ya kare farantin da babbar rigarsa don ya ga ruwan ya rage ƙarfi. Masu neman kyauta suka daina zuwa.

Duk wanda ya tsaya, bayan gaisuwa zurfin ruwansa nake fara tambaya. Injin da ake ajiyewa a bakin rijiya ba ya tsotso daga ƙasa fiye da kamar mita 7, wato wajen gaba huɗu. Ɗan fadamar Goronyo ko Kware yakan dace da shi. In ruwan ya fi haka nisa, sai injin da ake zurawa cikin rijiya, kuma kuɗinsa daban ne, gara ya sani tun a tsaye. Daga nan in tambayi girman gona, da wanda zai biya, shi ne ko ƙungiya, da ko kafin dashen albasa yake so. Mai cewa "sai mun gani" in ba shi takarda mu rabu lafiya. Mai amsa dalla-dalla in ba shi kujera da ruwan sanyi, in rubuta amsoshinsa kusa da lambarsa.

Lambobi sama da 200 na tara a kwana biyun farko, babu wanda na san abin da yake so. Sauran kwanakin mutum 19 kawai na rubuta, shida sun saya. Kujerar nan da na ajiye, kullum ina duban hanya ko Baba zai dawo ya zauna a kanta, har aka tashi kasuwar bai dawo ba.