Kurkunu a bakin kogin Shari

Sayen bandar kifi ya kai ni Chadi, ni da wani abokin kasuwanci. Daga Njamena muka ɗau hanyar kudu har Gelendeng, daga nan acaba ya shiga da mu wani ƙauyen masunta, rana tana dukanmu, maƙoshi ya bushe ƙamas.

Muna sauka na hango kududdufi na nufe shi da gorata, sai matar mai masaukinmu ta ce, "Malam tsaya, kar ka sha!" Ta ɗauko wani ƙyalle mai ƙananan ido ta ɗaure bakin tulu ta tace min. Wallahi gabana ya faɗi da ta ce saboda kurkunu ne, don ni na ɗauka ya zama tarihi, tunda a Najeriya tun 2008 aka ga na ƙarshe, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba mu shaidar rabuwa da shi a 2013. Kakana da tabonsa a idon sawu ya rasu, damina guda bai taɓa fartanya ba.

Ɗan matar ne mai aikin sa ido kan kurkunu a ƙauyen, shi ya warware min zancen. A ruwan da ba ya gudu akwai wasu ƙwari mitsi-mitsi, ƙuman ruwa, su ke haɗiye 'ya'yan tsutsar, cikin kamar sati 2 sun isa kama mutum. Ka sha, ƙwaron ya narke a ciki, 'ya'yan su huda hanji su girma su yi barbara, namijin ya mutu, macen ta yi ta tsawo har kusan mita 1 kai ko ciwon kai ba ka ji, sai bayan wata 10 zuwa 14 ta gangaro ƙafa ta ta da bororo mai zafi kamar garwashi. To nan fa dabararta take: zafin ne zai kai ka ka tsoma ƙafa a ruwa, tana jin ruwa ta zubo dubban 'ya'ya, ƙuman su haɗiye, a koma farko.

Ba ta da magani, ba rigakafi. Nannaɗe ta ake a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, sati da sati, in ka yi gaggawa ta tsinke ƙafa ta kumbura ta yi mugunya.

Shi ya sa duk faɗan a bakin ruwa ake yinsa. Ƙyallen ba 'ya'yan tsutsar yake tarewa ba, ƙuman da ke ɗauke da su yake tarewa, kuma ya ce in ya huje ko kaɗan ko aka juya shi baibai, aikin banza. Mai ciwo ba ya shiga tafki, a ɗebo masa. Duk kwana 28 suna zuba Abet, maganin kashe ƙuman, a kududdufi.

Abin da ya fi damunsu yanzu karnuka, don su ma kurkunu na kama su, in suka shiga ruwa su yaɗa shi. Na ga biyu a ɗaure gindin bishiya, ana ba su abinci nan, hanjin kifi kuwa binnewa suke don kar kare ya ci ya kamu. Da za mu tafi uwar ta ba ni wani ɗan bututu mai rariya a baki na rataya a wuya, da shi na yi ta zuƙar ruwa har muka fito titi.