Baki huɗu cikin jimla ɗaya: yadda na rubuta hirar Hiraƙal da Abu Sufyan da Hausa

Ajinmu na manya a Aboabo, nan Kumasi, ya nemi a rubuta masa hadisi na 7 na Sahihul Bukhari da Hausar boko, don mutane su riƙa karantawa a gida. Shi ne doguwar hirar da Hiraƙal sarkin Rum ya yi da Abu Sufyan game da Annabi (SAW) a Iliya, wato Ƙudus, lokacin sulhun Hudaibiyya da aka ƙulla a shekara ta 6 bayan Hijira. A bakin malami hadisin ba ya rikita kowa, don yana sauya murya, yana nuni da hannu. A takarda kuwa babu murya, sai abin da ka ɗiga da alƙalami. Larabcin ma asalinsa ba shi da alamar zancen wani, ƙala da ƙultu, wato “ya ce” da “na ce”, su ne ke riƙe da labarin duka.

Kafin in rubuta ko kalma ɗaya, sai da na bi nassin da fensir ina sa lamba a kan kowane baki. Ibnu Abbas 1, Abu Sufyan 2, Hiraƙal 3, abin da Hiraƙal ya sa tafinta ya faɗa 4. Can gaba, inda sarkin yake ba da labarin abin da ya raya a ransa, lambar ta kai 5, ta kai 6. Alamomin zance da muke da su kuwa iri biyu ne kacal, mai ƙafa biyu “ ” da mai ƙafa ɗaya ‘ ’. Wasu sukan yi ta musanya su, biyu, ɗaya, biyu, ɗaya, har ƙarshen jimla ya zama tarin ƙugiyoyi kamar haka: ”’”’”. Babu mai karatun da zai tsaya ƙirga wannan.

Don haka na fara da rage bakuna. Isnadin, wato jerin masu ruwaya, daga Abul Yaman zuwa Shu'aib, zuwa Zuhuri, zuwa Ubaidullahi, zuwa Ibnu Abbas, na ware masa sakin layinsa a sama ba tare da alamar zance ba. Ibnu Abbas na bar shi yana ba da labari da “cewa”, kamar yadda Larabcin kansa ya fara: Abu Sufyan ya ba shi labari cewa Hiraƙal ya aika masa yana cikin ayarin Ƙuraishawa a Sham. Daga inda Abu Sufyan ya koma cewa “ni”, sai na rubuta sunansa da ruwa biyu, na buɗe sabon sakin layi, na bar shi ya zama mai ba da labari, shi ma ba alama. Da wannan kaɗai bakuna biyu sun fita daga lissafi, mai ƙafa biyu ta zama ta Hiraƙal, mai ƙafa ɗaya ta zama ta saƙon da tafinta zai isar.

Ga wurin da ya fi ba ni aiki. Sarki ya sa an matso da Abu Sufyan, an jera abokan tafiyarsa a bayansa. Idan ka bi ƙala ɗaya bayan ɗaya, abin da za ka samu shi ne:

Sai ya ce wa tafintansa ya ce musu zan tambayi wannan game da wannan mutum, in ya yi mini ƙarya ku ƙaryata shi, wallahi ba don kunyar su ɗauki ƙarya daga gare ni ba da na yi ƙarya a kansa.

Na ba wani dattijo a ajin wannan jimla ya karanta da ƙarfi, sannan na tambaye shi wa ya yi rantsuwar. Ya ce, “Ai sarkin ne, Malam, shi ke magana tun daga farko.” Ba laifinsa ba ne. A Larabci rantsuwar ta biyo bayan maganar Hiraƙal kai tsaye, babu wani ƙala a tsakani, sai ma'ana ce ke nuna cewa Abu Sufyan ne ya dawo. Duk alamar da ba a rufe a nan ba, ta mayar da sarki shi ne mai son yin ƙarya. Ga yadda na tsayar da shi:

Sannan Hiraƙal ya ce da tafintansa, “Gaya musu: ‘Zan tambayi wannan game da mutumin nan. In ya yi mini ƙarya, ku ƙaryata shi.’”

Ni kuwa, wallahi, ba don kunyar kada abokaina su riƙa ba da labarin na yi ƙarya ba, da na yi ƙarya a kansa.

Alamomin biyu sun rufe tare, ta ciki sannan ta waje, aya tana cikinsu. Amma ban dogara da su kaɗai ba, don wanda ake karanta wa ba ya ganin ƙugiya. Sabon sakin layi yana sa mai karatu ya ja numfashi, “ni kuwa” kuma yana gaya wa kunne cewa baki ya sauya.

Akwai dalilin da ya sa na ce “gaya musu” ban ce “ka ce musu” ba. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka “ka ce musu” yana iya zama umarni, yana iya zama kuma labarin abin da ka riga ka faɗa. Haka “ya ce masa ya ce musu”: na farkon labari ne, na biyun umarni, amma a takarda kamanninsu ɗaya. Duk inda wani yake aika wani da saƙo, nakan ɗauki umarni tsirara, “gaya”, “faɗa”, “tambaye shi”, in kuma zance ne na kaikaice in ce “ya umarci tafinta da ya gaya musu”. “Ce” na bar wa mai ba da labari.

Mutanen Kumasi ba sa shan wahalar gane wannan tsari, don sun saba ganin sarkin Asante yana magana ta bakin ociyami, wato mai magana da yawunsa. Abin da ya kamata a kula shi ne “ni” ɗin da ke cikin mai ƙafa ɗaya na sarki ne, ko da tafinta ne zai furta shi.

Tambayoyin da suka biyo baya suna da sauƙi. Kowace tambaya layinta, kowace amsa layinta, “ya ce” da “na ce” suna karɓa-karɓa. Ban canza su da “ya kada baki”, “ya nisa” ko “ya yi caraf” ba, duk da daɗinsu a littattafan hikaya, don nassin bai gaya mana yanayin muryar kowa ba, kuma hadisi ba wurin ƙari ba ne. Sunan Hiraƙal dai nakan maimaita shi bayan tambaya uku ko huɗu, tunda duk mutanen da ke wurin maza ne, “ya” ba ya rarrabe kowa. Wuri ɗaya ne a nan ke son lura, inda aka tambayi abin da Annabi (SAW) yake umarta:

Na ce, “Yana cewa, ‘Ku bauta wa Allah Shi kaɗai, kada ku haɗa Shi da komai, ku bar abin da iyayenku suke faɗa.’ Yana kuma umartar mu da salla da gaskiya da kamewa da sada zumunci.”

Mai ƙafa ɗaya ta rufe a kan “faɗa”. Abin da ya tabbatar mini shi ne wakilin suna: ana cikin “ku”, sai aka koma “mu”. Duk inda “ku” ya juye “mu”, ko “ni” ya juye “shi”, a nan iyakar zancen take.

Sai batun “wai”. Kalma ce mai amfani ƙwarai wajen nuna cewa magana ba taka ba ce, amma tana ɗauke da nesanta kai, sau da yawa har da shakka. Ban sa ta gaban maganar Annabi (SAW) a bakin mai ruwaya ba ko sau ɗaya. A tambayar Hiraƙal ta farko ma, inda Larabcin ya ce yaz'umu, na fi son “mutumin nan da yake da'awar shi Annabi ne”, don “wai” a nan za ta sa wa sarkin izgilin da sauran maganarsa ba ta nuna ba. “In ji” kuwa tana da kyau a tsakiyar dogon zance don tuna wa mai sauraro da mai magana, kamar “in ji Abu Sufyan”, kuma ba ta buƙatar buɗe sabuwar alama.

Zurfin gaske yana cikin jawabin Hiraƙal na ƙarshe. Ya ce wa tafinta ya gaya wa Abu Sufyan: na tambaye ka, ka ambata, sai na ce, da kaza ne da na ce kaza. Alamomi biyu sun riga sun ƙare a kan sarki da saƙonsa, ga kuma bakuna biyu suna jira. A nan na mayar da umarnin tafinta zance na kaikaice, wanda ya 'yanta mini alama ɗaya, sannan matakin ƙarshe na bar shi ba alama:

Sai ya umarci tafinta da ya isar mini da wannan: “Na tambaye ka ko wani daga cikinku ya taɓa faɗin wannan magana, ka amsa cewa babu. Sai na ce a raina, ‘Da a ce wani ya riga shi faɗinta, da sai in ce mutum ne mai kwaikwayon maganar da aka yi kafinsa.’”

“A raina” ƙari ne, na sa shi ne don kada a zaci sarkin ya furta wannan a baya, alhali babu inda ya furta. “Da sai in ce” kuma ya maye gurbin “da na ce”, wanda a rubuce ana iya karanta shi da ma'anar lokacin da na ce.

Wata matsala ta na'ura ce. Mai ƙafa ɗaya kamanninta ɗaya da ɗigon da ke cikin 'yan, sa'a da da'awa, kuma waya takan lanƙwasa wannan ɗigo da kanta, sai 'yan a farkon kalma ya fito kamar an buɗe zance. Abin da na yi shi ne na bar ɗigon kalma a miƙe, na zance a lanƙwashe, kuma ban yarda zancen ciki ya fara da kalma mai 'y ba, sai in juya jimlar. Masu rubutu irin na Nijar da ke amfani da ƴ sun huta da rabin wannan.

Wasiƙar Annabi (SAW) da sahabinsa Dihya ya kai wa sarkin Busra, aka miƙa wa Hiraƙal, na matsar da ita ciki daga gefen shafi, ba alamar zance, don ta fi sakin layi ɗaya. Aya ta 64 ta Ali Imrana da ke cikinta na sa ta cikin bakan ado ﴿ ﴾ da masu karatu suka saba gani a littattafan Larabci. Bayan Abu Sufyan ya gama, hadisin ya shiga labarin Ibnun Naɗur, mai mulkin Iliya, labarin da masu sharhi suka ce daga Zuhuri yake, ba daga Abu Sufyan ba. A nan na bar layi ɗaya fanko, na sake sa sunan Zuhuri da ruwa biyu, na koma lissafin bakuna daga farko.